Kuɗi, ajiya, zinariya da kayan shago: yadda ake haɗa su a lissafin zakka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da takalma da jakunkuna. Ina da kuɗi a hannu, ina da ajiya a banki, ina da 'yar zinariya, ga kuma kayan da ke shago. Na duba kowanne na ga babu wanda ya kai nisabi shi kaɗai. Shin zakka ta hau kaina? In ta hau, yaya zan yi lissafin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, wannan dubawar da kika yi ɗaya bayan ɗaya ita ce inda kuskuren yake, kuma ba ke kaɗai ba ce, 'yan kasuwa da yawa nan suke zamewa. Ba a auna kuɗin hannu da nisabi daban, a auna ajiya daban, a auna kayan shago daban. Abubuwan nan huɗu a babin zakka dangi ɗaya ne: kuɗin takarda yana tsayawa a matsayin zinariya da azurfa, ajiyar banki kuɗi ce da ke hannun wani amma taki ce, kayan sayarwa kuwa ba a kallon su a matsayin takalmi ko jaka, ana kallon ƙimarsu ne da kuɗi. Saboda haka tara su ake yi wuri guda, jimillar ce ake kai wa gaban nisabi. Da a ce tumaki ne ko hatsin gona, sai mu ce kowanne da nasa nisabin, ba a haɗa su da kuɗi. Amma naki duk a kwano ɗaya suke.

Nisabin zinariya dinari 20 ne, wanda malaman wannan zamani suka ƙiyasta da giram 85 na tsantsar zinariya. Na azurfa dirhami 200 ne, wato giram 595. Abin da ake fitarwa kashi ɗaya cikin 40 ne, wato 2.5 cikin ɗari. A zamanin Annabi (SAW) nisabin biyu sun yi kusa da juna a ƙima, amma yau azurfa ta faɗi ƙwarai, nisabinta ya yi ƙasa sosai da na zinariya. Shi ya sa za ki ji wasu malamai suna auna kuɗi da azurfa, don ya fi amfanar matalauta, wasu kuma suna aunawa da zinariya, don ƙimarta ta fi tsayawa kuma ta fi nuna wanda ya wadata da gaske. Zan yi miki lissafi da nisabin zinariya, domin wanda ya kai shi babu saɓani a kansa. Wanda dukiyarsa ta faɗo tsakanin biyun, ta wuce na azurfa ba ta kai na zinariya ba, ya bi abin da hukumar zakka ko malaman da yake dogara da su suka tsayar, in kuma ya fitar don ihtiyaɗi ya kyauta.

Kafin ki ɗauki biro, ki tsayar da rana. Shekararki ta zakka tana farawa daga ranar da jimillar dukiyarki ta fara kaiwa nisabi, kuma da watan Musulunci ake ƙirga ta, kwana 354 ko 355. In ba ki riƙe ranar ba, ki yi kirdado na gaskiya ki tsayar da ita, sannan ki riƙe ta kowace shekara. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, da farashin wannan rana ake yin sa, kuma abin da kika mallaka a wannan rana kaɗai ake ƙirgawa. Kuɗin da ya shigo ya fita a tsakiyar shekara, an ci an sha an biya haya, ba ya cikin lissafi.

Tunda ba ki kawo adadi ba, zan ƙaddara wasu alƙaluma masu sauƙin bi, ba tare da sunan kuɗin wata ƙasa ba, ke sai ki sauya da naki. Mu ce a ranar zakkarki giram ɗaya na tsantsar zinariya 1,000 ne. Nisabi ya zama 85,000 ke nan.

Kuɗin hannu ba shi da wahala, abin da ake so kawai kada a manta da wani lungu. Na cikin aljihun teburin shago, na cikin jakarki, wanda kika ɓoye a gida, na asusun da kike karɓar kuɗin ciniki, da na manhajar waya, duk ki haɗa. In kina da kuɗin ƙasar waje, ki canza shi a lissafi da farashin da za a saya daga hannunki a ranar. Mu ce shago akwai 9,000, gida 3,000, asusu 14,000. Kin samu 26,000. Ki lura da abu ɗaya: in akwai kuɗin wani a asusunki, amana ko saƙo, ki cire shi, ba naki ba ne.

Ajiya kuma, tambayar da na fi ji ita ce ta niyya. Sai mutum ya ce ai kuɗin nan na aikin Hajji ne, ko na ginin gida, ko na karatun yara, don haka bai sa shi ba. Niyyar abin da za a yi da kuɗi ba ta ɗauke masa zakka. Muddin yana hannunki ko a asusunki kuma ke ce mai iko da shi, yana shiga lissafi har ranar da ya fita. Haka kuɗin da kika kulle a banki na wasu watanni da son ranki, naki ne, ki ƙirga shi. Abin da ba ya shiga shi ne kuɗin ruwa. In takardar banki ta nuna 31,200 alhali abin da kika zuba 30,000 ne, to 1,200 ɗin nan ba dukiyar da za a tsarkake da zakka ba ce. Ki fitar da shi gaba ɗayansa zuwa amfanin mabuƙata, kada ki lissafa shi cikin zakkarki kuma kada ki biya zakkar da shi. Sai ki rubuta 30,000.

Zinariya ce ke buƙatar a ɗan zauna. Da farko ki raba ta gida biyu. Akwai wadda kike sawa don ado, akwai wadda kika saya don ki adana dukiya, wadda in farashi ya hau ko buƙata ta taso za ki sayar. Ta biyun, zakka ta wajaba a kanta babu gardama, ko da an ƙera ta sarƙa ko awarwaro, domin siffar ba ta canza manufar. Ta farkon kuwa, Imam Malik da Shafi'i da Ahmad suna ganin babu zakka a kayan adon da mace take amfani da su ta hanyar da ta halatta, Abu Hanifa kuma yana ganin akwai. Ke kika san abin da ke zuciyarki ranar da kika sayi kowane yanki, kuma a nan ina roƙonki ki yi wa kanki gaskiya. Sarƙar da ta shekara biyar a akwati, kina bibiyar farashinta, kina cewa ita ce madogararki in kasuwa ta juya, wannan ajiya ce ko da kin taɓa rataya ta sau ɗaya.

Sannan ba da kuɗin da kika saya ake lissafi ba, da nauyi ne. Ki kai ta wurin mai sayar da zinariya ya ɗora a sikeli, ya gaya miki karat nawa ce. In akwai duwatsu a jiki a cire nauyinsu. Karat 24 ita ce tsantsa. Karat 22 kashi 22 cikin 24 ne zinariya, karat 21 kashi 87.5 cikin ɗari, karat 18 kuma kashi uku cikin huɗu, sauran wasu ƙarafa ne da aka gauraya don ta yi ƙarfi. Hanyar ita ce ki ninka nauyin da adadin karat, ki raba da 24. Mu ce ta ajiyarki giram 40 ce, karat 21. Giram 40 sau 21, a raba da 24, ya ba da giram 35 na tsantsa. A farashinmu 35,000 ke nan. Kuɗin ƙira da kika biya lokacin saye ba ya cikin wannan, kuma farashin da za ki ɗauka shi ne wanda za a ba ki in ke ce mai sayarwa, ba wanda aka rubuta wa mai saye ba. Mu ce kuma 'yan kunne da zoben da kike sawa kullum giram 24 ne, karat 18, wato giram 18 na tsantsa, 18,000. Wannan mu ajiye shi gefe tukuna.

Kin ga giram 35 bai ko kai rabin 85 ba. Da ita kaɗai kika mallaka, da babu komai a kanki. Amma tana da 'yan'uwa a shago da banki, don haka za ta shiga sahu.

Yanzu kayan shago. Asalin wannan tsoho ne. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta wa ma'aikacinsa ya karɓi dinari ɗaya daga kowane dinari 40 na dukiyar da Musulmi suke juyawa a kasuwanci. Malaman Malikiyya sun raba 'yan kasuwa biyu. Akwai mudiri, mai juya kaya kullum, yana saye yana sayarwa da farashin da ya samu, kamar mai shago. Akwai muhtakiri, wanda ya sayi abu ya ajiye yana jiran kasuwa ta tashi, kamar mai sayen fili don ya sayar nan gaba. Mudiri yana yi wa kayansa ƙima kowace shekara ya haɗa da kuɗinsa. Muhtakiri a wurinsu sai ranar da ya sayar yake fitar da zakkar shekara ɗaya, ko da kayan sun daɗe, alhali sauran mazhabobi suna cewa shi ma ya ƙimanta duk shekara. Ke mudira ce, don haka dole a ƙirga kaya.

Ƙirgawa nake nufi ta gaske. Ki rufe shago ko ki zaɓi lokacin da babu ciniki, ki sauke kwalaye, ki duba abin da ke kan kanta da wanda ke ɗakin ajiya. Kallon shago a ce zai kai kaza yakan yi ƙasa da gaskiya, domin ido yana ganin na gaba ne ya manta da na ƙarƙashin tebur. Abin da ake ƙirgawa shi ne duk abin da aka saya don a sayar. Kanta, madubi, fanka, kujerar da mai saye ke zama ya gwada takalmi, abin hawan da kike ɗauko kaya da shi, ginin shagon kansa, duk babu zakka a kansu, kayan aiki ne. Kwalin da ke tafiya da takalmi zuwa hannun mai saye yana cikin ƙimar takalmin. Kayan da kika riga kika saya suka zama mallakinki amma suna hanya, ki sa su. Kayan da wata ta kawo ki sayar mata ki ɗauki ladanki, nata ne, zakkarsu tana kanta.

Da wane farashi? Da na yau, ba na ranar sari ba. Mu ce kina da takalma ƙafa 200 da kika saro a kan 150 kowanne, yau kuma irinsu 180 ne. Ki rubuta 36,000. Jakunkuna 50 da kika saro a 200, yau 240, ya zama 12,000. Akwai kuma takalma ƙafa 40 da suka yi kwantai, yayinsu ya wuce, kin saye su 150 amma yau ba mai ba ki fiye da 100. Ba za ki zubar da su daga lissafi ba don sun ƙi tafiya, ba kuma za ki ɗora wa kanki 150 ba. Ki rubuta 4,000. Jimillar kaya 52,000. Da littafin sari kika bi, da 46,000 za ki samu, kin ga 6,000 ta ɓace daga lissafin ba tare da kin sani ba. A shekarar da farashi ya faɗi kuwa, bin littafin sari zai sa ki biya fiye da abin da ke kanki.

Malamai sun yi magana a kan ko farashin sari na yau za a bi ko na sayar da ɗai-ɗai. Wasu sun ce kowa ya bi yadda yake sayarwa, mai sari da sari, mai ɗai-ɗai da ɗai-ɗai. Wasu sun ce a bi na sari, domin shi ne abin da kayan za su kawo in an ce a mayar da su kuɗi a ranar. Ni na fi natsuwa da na biyun, saboda farashin da kika liƙa a jikin takalmi buri ne kawai, ba a san ko za a saya a haka ba, ga ragin da ake yi wajen ciniki. Alƙaluman da na sa a sama na sari ne na ranar zakka. Wanda ya bi na ɗai-ɗai ya fitar da fiye, bai yi laifi ba.

Saura bashi, ta fuska biyu. Wanda kike bin masu saye, in mutum ne mai biya, ya amsa bashin kuma yana da hali, to kamar kuɗi ne a hannunki, mudiri yana haɗa shi. Mu ce irin wannan 7,000 ne. Wanda kuma mai shi ya ɓace, ko ya musanta, ko ya karye, mu ce 2,000, ki bar shi a waje. Ranar da Allah ya dawo miki da shi sai ki fitar masa da zakkar shekara ɗaya. Rancen da kika ba wani don taimako, ba na ciniki ba, a mazhabar Malik shi ma sai kin karɓa za ki fitar masa ta shekara ɗaya.

Mu tara. Kuɗin hannu 26,000, ajiya 30,000, zinariyar ajiya 35,000, kaya 52,000, bashi mai kyau 7,000. Jimilla 150,000. Ki duba, babu ɗaya a cikinsu da ya kusanci 85,000, amma a haɗe sun kusa ninka shi biyu.

Bashin da ake bin ki kuma, mu ce wanda kike saro kaya a wurinsa yana bin ki 10,000 da lokacin biyansa ya yi. Mafi yawan malamai suna cire shi, sai ya rage 140,000. Ki raba da 40, zakkarki 3,500. Shafi'i yana ganin bashi ba ya rage zakka. Malikiyya suna cirewa, amma da sharaɗi: in kina da wata kadara da ta wuce buƙatarki wadda za ta iya rufe bashin, sai a ɗora bashin a kanta, a fitar da zakkar kuɗin cikakkiya. A wannan hali zakkarki ta 150,000 ce, wato 3,750. Abin da nake jan kunne a kai shi ne bashi mai dogon zango, irin wanda ake biya kaɗan-kaɗan shekaru da yawa. Wanda ya cire shi dungurungum zai iya shafe shekaru yana juya dukiya mai yawa bai taɓa fitar da zakka ba. Shi ya sa malaman zamani da dama suka ce a cire abin da biyansa ya zo kawai, wasu suka faɗaɗa zuwa na shekarar. Hayar wata mai zuwa da kuɗin makarantar da ba a kai ga lokacinsa ba kuwa ba bashi ba ne tukuna.

In kin zaɓi bin Abu Hanifa a kan kayan ado, sai ki dawo da 18,000 ɗin da muka ajiye. Ya zama 158,000, zakka 3,950. Bambancin 450 ne. Ki kuma sani cewa in jimilla ta wuce nisabi, a kan dukkanta ake fitarwa, ba a kan abin da ya haura 85,000 kaɗai ba. Na sha ganin wanda ya cire nisabin ya fitar a kan ragowar, wannan kuskure ne.

Akwai tambayar da na san za ta biyo baya: ai wani kuɗin bai shekara a hannuna ba. Ribar kasuwanci tana bin shekarar uwar kuɗi, don haka ribar da kika samu jiya da kayan da kika saro makon jiya da kuɗin shago duk suna shiga, ba a jira su shekara. Kuɗin da ya zo ta wata hanya, kamar gado ko kyauta ko albashi, Malikiyya da Shafi'iyya suna buɗe masa tasa shekarar daga ranar da ya shigo, Hanafiyya kuma suna haɗa shi da abin da ke hannu a fitar rana ɗaya. Wadda ta ci gado mai yawa wata biyu kafin ranar zakkarta tana da damar ta ware shi ta rubuta ranarsa. Amma ƙananan kuɗin da ke shigowa duk wata, bin kowanne da ranarsa wahala ce da kusan ba mai iya ta, kuma haɗa su a rana ɗaya ya fi kuɓutar da mutum.

Wurin da lissafi ya fi lalacewa shi ne ƙirga abu sau biyu ko tsallake shi, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne, an ɗauki alƙaluman a ranaku daban-daban. Kin duba asusu ranar Litinin kin rubuta 14,000, ranar Laraba kin saro kaya na 5,000 daga ciki, ranar Juma'a kin ƙirga shago. Wannan 5,000 ta fito sau biyu. In kuma kaya kika fara ƙirgawa kafin sarin, sannan kika duba asusu bayansa, ta ɓace gaba ɗaya. Haka takalmin da aka ɗauka bashi, ko dai yana cikin kaya ko yana cikin bashi, ba duka biyu ba. In ƙirgar kayan za ta ɗauke ki kwana biyu ko uku, ki rubuta kuɗin hannu da na asusu a ranar farko, sannan duk abin da aka saya ko aka sayar a kwanakin ki riƙa rubuta shi gefe don ki mayar da lissafin zuwa waccan rana.

Wanda dole ta sa yake rufe littafinsa da shekarar Miladiyya, wadda ta fi ta Musulunci da kusan kwana 11, malaman lissafin zakka sun ce ya fitar da 2.577 cikin ɗari maimakon 2.5 don ya cike gibin. A kan 140,000 zai zama kusan 3,608. Ke da kike da shago ɗaya ba ki buƙatar wannan, ki tsaya a watan Musulunci.

Zakkar kayan shago kuwa, da kuɗi ake fitar da ita a wurin mafi yawan malamai, tunda a kan ƙimar ta wajaba. Hanafiyya sun yarda a bayar daga kayan, amma ko a nan ba daidai ba ne a kwashe takalman da suka yi kwantai a miƙa wa mabuƙaci a lissafa su a farashin sababbi. In ranar ta zo kuɗin hannunki bai isa ba, adadin ya zauna a kanki bashi, ki rubuta shi, ki biya da zarar ciniki ya shigo, ko ki sayar da giram uku ko huɗu daga zinariyar ajiyar ki sauke. Takardar lissafin kuma ki adana ta da kwanan watanta da nauyin zinariyar da karat ɗinta, baɗi farashin giram kawai za ki tambaya, ba sai kin sake kai ta sikeli ba. Wallahu a'alam.